A Yanka Wa Ɗan Aike Ladansa Kafin Ya Tada Mashin



Maganar wannan makon za ta sosa wa mutane da yawa rai, musamman masu albashi da masu rufin asiri a Mafara da Bakura da Maradun. Ga ta a taƙaice: duk wanda ya aiki matashi kasuwa, ya cinye masa awa biyu da man mashin ɗinsa, sannan ya sallame shi da "Allah ya yi albarka" ko "riƙe canjin ka sha ruwa", ya ci haƙƙinsa. Shi kuma matashin da ya karɓi aike ba tare da ya faɗi ladansa ba, ya je ya ƙara kuɗi a kan kaya a ɓoye, ya ci amana. Laifuffukan nan biyu uwa ɗaya ta haife su, ita ce kunyar faɗin farashi. Muddin ba mu kashe wannan kunyar ba, aike ba zai taɓa zama sana'ar da mutum zai dogara da ita ba a garuruwanmu.

Kada wani ya ce ai wannan harkar mutanen Legas da Abuja ce, mu nan wa ya rasa lokacin zuwa kasuwa. Ku duba da kyau. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, manomin wannan yanki ba shi da watannin hutu irin na manomin tudu. Ya fita daga damina ya faɗa rani, kuma ranar da ruwa ya zo layinsa ba ya barin gona don sayen manja, domin in ya bari ya wuce sai wani zagayen. Malamin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau yana aji ranar Talata, daidai lokacin da kasuwar Mafara take ci. Ma'aikaciyar jinya da ta kwana a bakin aiki barci take nema. Ma'aikacin Kwalejin Aikin Gona ta Bakura yana da saƙon da yake jira a tashar Mafara. Ga matan aure da ba su fita, ga tsofaffin da 'ya'yansu ke Gusau ko Sakkwato ko Kaduna suna turo kuɗin cefane ta waya. Duk waɗannan suna buƙatar ƙafar wani. Buƙata tana nan, masu yi suna nan. Abin da ya ɓace shi ne farashi.

Bari mu ɗauki aike guda mu feɗe shi, domin a lissafi ne gaskiya take fitowa. Alkaluman da zan kawo misali ne don sauƙin fahimta, kowa ya sa farashin ranar da yake karantawa, amma tsarin lissafin ba ya canzawa.

Wata malamar makaranta ta tura wa matashin unguwarsu naira 30,000 ta waya ranar Talata da safe. Ta ce ya sayo shinkafa tiya 3, da nama, da kayan miya, da mai da kayan ɗanɗano, da dankali da albasa. Mu ce shinkafar ta tashi 10,500, wato tiya 3,500. Nama na 6,000, kayan miya na 4,500, mai da kayan ɗanɗano 5,000, dankali da albasa 2,500. Jimla 28,500. Da yake masu kayan miya da yawa tsabar kuɗi suke so, sai da ya tsaya wurin mai na'urar cirar kuɗi, aka cire masa 500. Leda da ɗan dakon da ya fito masa da kaya bakin hanya suka ci 150. Canjin malama na gaskiya ya zama 850.

To, shi kuma me ya kashe? Daga gidansa zuwa kasuwa, zuwa gidan malama, ya koma, mu ce kilomita 8. In lita tana naira 1,000, mashin kuma yana yin kilomita 40 da lita ɗaya, ya ƙona man 200. Baƙin mai da taya da sarƙa da faci ba a ganin su a rana ɗaya, amma kowace tafiya tana gutsurar su, mu sa musu 100. Ya kira malama sau biyu yana tambaya ko ya sayi attarugu tunda ya yi tsada, katin waya 50. Ya kashe 350 daga aljihunsa ke nan, ban da awa biyu a cikin rana da turmutsutsun kasuwa.

Ya kawo kaya, ya miƙa canji. Malama ta zaro 500 ta ce, "Ungo ƙanena, ka sha ruwa, Allah ya yi albarka." A ranta ta yi kirki. A lissafi kuwa, naira 150 ta biya shi a kan aikin awa biyu. Da kabu-kabu ya yi a waɗannan awannin ranar kasuwa, da ya ninka wannan sau da yawa.

Matashin ba wawa ba ne, ya iya lissafi. Ba zai iya buɗe baki ya ce "Anti, bai kai ba", saboda an tarbiyyantar da shi cewa yin ciniki da babba rashin kunya ne. Don haka Talata mai zuwa sai ya biya kansa da kansa. Ya ce shinkafa ta hau, tiya 3,700, ya sami 600. Ya sayi naman 5,500 ya ce na 6,000 ne, ya sami 500. Ya sayi kayan miyan 4,000 ya ce na 4,500 ne, ya sami wata 500. Canjin da ya rage yanzu 250 ne, malama ta ce ya riƙe. Ya tashi da 1,850. Malama kuwa tana murna ta sami yaro mai arahar aike, alhali tukunyarta ta yi gibin nama da kayan miya na naira 1,000, kuma an ƙara mata 600 a kan shinkafa.

Yanzu ku kwatanta. Da tun farko ya ce, "Anti, cefanen kasuwar Talata naira 1,500 nake yi", da ta biya ƙasa da abin da take biya a ɓoye, ta sami kayanta cif, shi kuma ya tashi da 1,150 halal bayan ya cire ɗawainiyarsa. Kunyar da muke taƙama da ita ta sa malama ta yi asara, ta sa yaro ya koyi ƙarya. Wa ta amfana?

Na san abin da wasu za su ce, domin na sha jin sa. Wai aike zumunci ne, yaron maƙwabci ɗanka ne, in aka sa kuɗi a tsakani tarbiyya ta lalace. Wannan magana tana da daɗin ji, amma tana haɗa abubuwa biyu da ba su haɗu ba. Ka aiki yaro ɗan shekara goma shagon bakin layi ya sayo ashana, wannan tarbiyya ce, ba wanda ya ce a biya. Amma magidanci ko saurayi mai shekara ashirin da biyar, da mashin ɗin da yake biyan balas a kansa, da man da ya saya da kuɗinsa, ka kashe masa rabin yini kowane mako, wannan aikatau ne. Abin mamaki, masu wannan hujja ba su taɓa kai ta wurin tela ko mai faci ko mai aski ba. Ɗan unguwa ne ke musu aski, kuma suna biya ba gardama. Sai a kan mai aike ne kaɗai zumunci yake tashi.

Kuma al'adar da suke fakewa da ita ba ta goyon bayansu. Bahaushe ya daɗe da sanin cewa ƙafa tana da lada. Tukuici na wanda ya kawo saƙo ne. Dillaliyar da ke shiga gida-gida da kayan matan kulle tana da la'adarta, kowa ya sani. Ɗan dako yana yanka kuɗinsa kafin ya ɗora buhu a ka. Direban da ka ba saƙo a tashar Mafara ya kai Gusau ko Sakkwato yana faɗa maka kuɗin saƙo a gaban jama'a, ba ka taɓa cewa ya yi maka rashin kunya ba. Abin da ya canza shi ne tsada. A da, aike ƙafa ce kawai. Tun daga 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta ninka sau da dama. Tukuicin "abin da ya sawwaƙa" ya dace da zamanin da aike ba ya cin komai sai gumi. Yau kafin mai aike ya gaisa da kai ya riga ya kashe kuɗi.

Sai hujja ta biyu, wai mutane ba su da shi, albashi ba ya kai wata. Gaskiya ne ana cikin matsi. To amma lissafin da muka yi ya nuna cewa kuɗin ana biyan su, a ɓoye ne kawai. Kuma akwai hanyar da ladan zai sauka ba tare da an zalunci kowa ba, ita ce haɗa aike. Mu ce gidaje huɗu na unguwa ɗaya sun turo jerin kayansu daren Litinin. Mai aike ya shiga kasuwa sau ɗaya, ya tsaya wurin mai shinkafa sau ɗaya, wurin mahauci sau ɗaya. Kowane gida ya biya 1,000 maimakon 1,500, ya tara 4,000. Tafiyar ta ƙaru zuwa kilomita 12, mai 300, gyaran mashin 150, kati 100, jimla 550. Ya tashi da 3,450 a cikin awa huɗu. A aike ɗaya yana samun kusan 575 a awa, a haɗaɗɗe ya haura 860. Kowane gida ya sami ragin 500, shi kuma samunsa ya ƙaru. Sai dai wannan ba ya yiwuwa sai da farashi sananne da lokaci sananne. Wanda ba a san nawa za a ba shi ba, ba zai iya tsara ranarsa ba. Wanda kuma yake kira ƙarfe goma sha ɗaya na ranar Talata yana cewa "maza yanzu-yanzu", to ya biya kuɗin aike shi kaɗai, kada ya nemi ragi.

Yanzu na juyo kanku, matasa masu wannan aiki, domin ba zan wanke ku ba. Cewa ba a biya ku daidai ba bai halatta muku naira ɗaya daga kuɗin mutane ba. A Zamfara aka fara ƙaddamar da shari'a a 1999, a zamanin Ahmad Sani Yariman Bakura, don haka bai kamata mu ne za a koya wa bambancin wakili da ɗan kasuwa ba. Hanyoyi biyu ne masu tsabta, kowa ya zaɓi ɗaya.

Ta farko, kai wakili ne. An ba ka kuɗi ka sayo da sunan mai kuɗin. Abin da ka samu a ciniki nasa ne, ladanka kuma shi ne abin da kuka yanka. In ka taya shinkafa aka sallama maka a 3,300 maimakon 3,500, ragin na malama ne. Gyaran da mai tumatir ya ƙara a kan kashi nata ne. In ka haɗa kuɗin gidaje huɗu ka sayi kwando guda aka yi maka rangwame, rangwamen na gidajen ne gwargwadon kuɗin kowa. A cikin Sahihul Buhari akwai labarin sahabi Urwatul Bariƙi, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba dinari ɗaya ya sayo akuya. Ya sayo biyu da dinarin, ya sayar da ɗaya a kan dinari, ya dawo da akuya da dinari gaba ɗaya ya miƙa, aka yi masa addu'ar albarka a cinikinsa. Ku lura, bai ce ai wayona ne ya samo ribar ba. Ya kawo duka, sai mai dukiya ya yi abin da ya ga dama.

Ta biyu, kai ɗan kasuwa ne. Ka sayi kaya da kuɗinka, suka zama naka, ka ce wa malama "shinkafa tiya 3,800 zan kawo miki har gida." Ta yarda ko ta ƙi. A nan ba dole ka faɗa mata nawa ka saya ba, ribarka halal ce. Amma ka sani, in buhun ya faɗa ruwa, ko ta ce ta fasa kafin ku ƙulla, ko farashi ya karye kaya suna hannunka, asarar taka ce.

Abin da ba shi da tsabta shi ne na uku, wanda shi ne ya fi yawa: ka yi ciniki da kuɗin mutum, ka ci riba irin ta ɗan kasuwa, in asara ta zo kuma ka ce kai ɗan aike ne kawai. Haka nan ɗan abin da mai shago yake danƙa maka don kana kawo masa ciniki. In shi ne ya sa kake wuce shagon da ya fi araha ka tafi nasa, to daga aljihun wanda ya aike ka kuɗin suka fito. Mafita mai sauƙi ce, ka faɗa. "Alhaji, mai shagon nan yana ba ni ɗari biyu in na kawo ciniki, ka yarda?" Mutane da yawa za su ce je ka. Wanda ya ɓoye ya san dalilin da ya sa ya ɓoye.

Ta yaya mai aike zai gane ana yi masa wannan? Kasuwarmu ba ta risit ba ce, amma alamu ba su ɓuya. Ta farko, farashin ɗan aikenka hawa kawai ya sani. Kowa a yankin nan ya san lokacin da tumatirin rani da albasa suke cika kasuwa har masu su suna roƙon a saya, ya kuma san yadda suke tsada in damina ta kama. In kayan miyan 4,500 da ake kawo maka ba su ƙaru a ido ba a lokacin da kwanduna suka yi layi, akwai magana. Ta biyu, lissafi kullum yana faɗawa daidai da kuɗin da ka bayar, ba canji, ba cikon da za ka yi. Kasuwa ba ta da wannan ladabin. Ta uku, ka aje tiya a gida ka riƙa aunawa lokaci-lokaci, domin tiya 3 da ta dawo biyu da rabi da ɗan wani abu ta faɗi abin da baki bai faɗa ba. Shi kuma mai aikin gaskiya ya riga mai zargi: ya rubuta farashin kowane kaya a gefen jerin da aka ba shi, ko ya tura saƙon murya daga gaban mai kaya, ya kawo canji ko na naira hamsin ne. Naira hamsin ɗin nan da kake ganin ba komai ba ce, ita ce tallar sana'arka.

Akwai wani zalunci kuma da masu aike suke yi wanda ya fi rowar lada illa, shi ne "sa kuɗinka, in ka zo in ba ka." Matashin da duk jarinsa bai wuce 20,000 ba, ka sa ya zuba 12,000 a kayanka, ya zo ka ce ka fita, ko ka ce a jira albashi. Ka karɓi bashi ba tare da ka roƙa ba, kuma ka kashe masa sauran aiken ranar, domin ba shi da abin juyawa. Mutum biyu irinka sun isa su rufe sana'ar a mako ɗaya. Ƙa'ida a nan ɗaya ce: kuɗin kaya gaba, lada in an sauke kaya. Kuma kuɗin su shiga asusu ya gan su da idonsa, domin hoton shaidar turawa ba kuɗi ba ne, ana ƙirƙirar sa, ana kuma tura na gaskiya kuɗin su maƙale a hanya. Cajin cirar kuɗi, da naira 50 da ake cirewa a kan turin da ya kai 10,000, duka a kan mai kaya suke, tunda don kayansa aka yi su. Wanda ya tuna yadda masu na'ura suka riƙa tsawwalawa a farkon 2023 lokacin canjin kuɗi ya san cewa wannan cajin yana iya cinye ladan aiken gaba ɗaya in ba a raba shi daban ba.

Haka ma ƙarin aike a hanya. An yi da kai a kan kasuwa, kana can sai waya: "ka biya tasha ka karɓo mini saƙo", "ka tsaya kemis", "ka ɗauko yara daga islamiyya". Kowace tsayawa aike ce, kuma jiran motar da ba ta iso ba yana iya cin awa guda. A yanka wa kowace tsayawa kuɗinta, a yanka wa jira kuɗinsa. Sannan a yi maganar ɓarna tun kafin ta faru. In ƙwai ya fashe saboda ya ɗaure shi a ƙarƙashin buhu, sakacinsa ne, ya biya. In an ce ya sayo kifin dam mai kyau, ya kira ya ce ga wanda ya samu, aka ce ya saya, to ba a dawo masa da shi don maigida ya ga bai yi masa ba.

Masu cewa a jira kamfanonin manhaja su zo su tsara mana, su dubi abin da ya faru a inda kuɗin suke. A Disambar 2023 Jumia ta rufe sashenta na kai abinci a Najeriya, Bolt ma ta janye nata a daidai wannan lokacin. In sun ga lissafin ya yi musu wuya a manyan birane, ba Maradun za su zo su gyara ba. Mu nan adireshinmu kwatance ne: bayan masallacin Juma'a, gida mai darbejiya, kusa da mai injin niƙa. Jarin sana'ar a nan shi ne a san ka, a san gidanku, a san wanda za a kai wa ƙara in ka yi ba daidai ba. Ga kuma darasin Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a jihar nan, gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako, ta taƙaita zirga-zirgar mashin, ta hana sayar da mai a jarka. Wanda duk harkarsa take cikin waya ya wayi gari ba shi da komai. Saboda haka littafi da biro wajibi ne: sunan mai aike, kuɗin da aka karɓa, abin da aka saya, canji, lada. Kuma a sami tsayayyen lokaci da mutane suka san za ka zagayo unguwa, ko da sabis ko babu.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya bambanta aike a Bakolori da aike a Kano, wato tsaro. Kowa ya san halin da hanyoyinmu suke ciki, kuma ba mu manta da ɗaliban Jangebe ba a Fabrairun 2021, ko harin da aka kai Kwalejin Aikin Gona ta Bakura a Agustan shekarar. A irin wannan yanayi, mai mashin da ke yawo da kaya yana tsakanin wuta biyu. Ga 'yan bindiga a hanya, ga zargin kai musu kaya. Matashin da ya karɓi ƙulli a rufe, ko burodi mai yawa, ko mai, ko magunguna, daga wanda bai sani ba zuwa wanda bai sani ba, don an yi masa tayin lada mai tsoka, yana wasa da rayuwarsa da sunan gidansu. A shingen bincike "aikena aka yi" ba ta fitar da kowa. Ka san mai aike, ka san mai karɓa, a buɗe kaya a gabanka. Lada da ya fi ƙarfin aikin alama ce, banza ba ta kai zomo kasuwa. Aiken da zai fita gari yana da nasa farashi da nasa lokaci, kuma mai mashin ne ke da ta cewa in ya ce yamma ta yi. Wanda bai iya tura ɗansa wata hanya ba, kada ya tura ɗan wani da naira ɗari biyar.

Sannan a kama baki. Ɗan aike ya san gidan da aka turo wa kuɗi, ya san maigidan da ya yi tafiya, ya san wanda ya sayar da shinkafarsa ya tara. A wurin da ake fama da masu kai rahoto, hirar majalisa a kan waɗannan abubuwa tana iya jawo wa gida bala'i. Wannan ma wani dalili ne na biyan lada mai kyau. Mutumin da ka danƙa wa kuɗinka da sirrin gidanka, ka bar shi yana jin ka cuce shi, ba dabara ka yi ba.

Abin da nake nema ba ya buƙatar gwamnati ko ƙungiya ko tallafi. Masu wannan aiki a kowace unguwa su rubuta farashi uku a takarda: aiken cikin gari, cefanen kasuwar Talata, da kuɗin ƙarin tsayawa ko jira. Su faɗe shi kafin su karɓi kuɗin kaya, da ladabi, ba noƙe-noƙe. In mai ya hau su sake lissafi, in ya sauka su sauke, domin wanda ya sauke farashi da kansa shi ake yarda da shi ranar da ya ɗaga. Ku kuma iyaye da yayye masu aike, ku ne manya, ku sauƙaƙa musu. Kafin yaro ya tada mashin ka tambaye shi, "Nawa ne ladanka?" In ya ce "ko nawa ne, Baba", kada ka karɓi wannan amsar, ka ce ya faɗa. In ya yi maka tsada, ku yi ciniki, ko ka je da kanka, ba laifi. Addu'ar albarka kuma a ci gaba da yi, muna son ta, amma a ɗora ta a kan lada.

Allah ya ba mu ikon sauke haƙƙin juna, ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.